Gudun Amo a Cikin Sandar Ƙarfe

A shekarar 1808, wani masani Bafaranshe mai suna Biot ya sa aka bugi bakin wani bututun ƙarfe mai tsawon mita 951 a birnin Paris, shi kuwa yana saurare a ɗaya bakin, sai ya ji bugu ɗaya ya iso masa sau biyu: na fari ta jikin ƙarfen, na biyu ta iskar da ke ciki.

Bayanin wannan al'amari shi ne, idan aka bugi kan sanda, wurin da aka buga yakan matse, ya ture na gabansa, shi ma ya ture na gaba, har matsin ya kai ƙarshe, alhali sandar ba ta gusa ba sai ɗan abin da ido ba ya riska. Siffofi biyu ke hukunta saurinsa: tauri, wanda ke gaggauta miƙa turin, da nauyi, wanda ke jinkirta shi. Ƙa'idar ita ce v = √(E/ρ), wato a raba ma'aunin tauri, E, da nauyin kubik mita ɗaya na ƙarfen, ρ, sa'an nan a nemi adadin da in an ninka shi da kansa zai ba da wannan sakamako.

Mu ɗauki ƙarfen rodi: taurinsa wajen faskal biliyan 200, nauyinsa kilo 7,850. Rabawa ta ba da kusan miliyan ashirin da biyar da rabi, jawabi kuwa kimanin mita 5,050 a daƙiƙa, alhali amo a iska bai wuce mita 343 ba idan zafi digiri 20 ne. Alminiyam, wanda ake zuba tukwane da shi, taurinsa biliyan 70, nauyinsa kilo 2,700. Tun da yake duka biyun sun ragu zuwa kusan sulusi, gudun amo a cikinsa daidai yake da na rodi, illa ƙalilan. Dalma kuwa, da ta haɗa laushi da nauyi, gudunta kamar mita 1,200 ne kawai. Saboda haka maganar da ake yi cewa abu mai nauyi ya fi saurin kai amo kuskure ce.

Amma ƙa'idar tana da sharaɗi, domin ba ta inganta sai a siririyar sanda, wadda gefenta ke da damar kumbura yayin da matsi ke wucewa. A cikin ƙaton curin ƙarfe, inda babu wannan dama, gudun yakan kai wajen mita 5,900. Wanda ya auna ya sami wannan adadi, to, ya duba kaurin abin da ya auna kafin ya tuhumi lissafinsa.