Rufe Kuromosom na X: Yadda Metil da Histon Ke Sarrafa Ƙwayoyin Gado

Ƙwayar halittar hanta da ta ƙwaƙwalwa a jikin mutum ɗaya suna ɗauke da DNA iri ɗaya, amma aikinsu ya bambanta. Dalili kuwa shi ne kowace tana karanta wani sashe ne na bayanan gado, ta rufe sauran. Fagen da ke nazarin wannan buɗewa da rufewa, ba tare da jerin haruffan A, C, G da T ya canza ba, shi ake kira efijenetik. Wannan maƙala za ta dubi hanyoyi biyu na yin hakan, ta hanyar misali guda.

Hanya ta farko ita ce liƙa metil. Metil ɗan ƙaramin sinadari ne, wato CH₃, wanda ake ɗora wa harafin C a inda G ke biye da shi, gurbin da ake kira CpG. Harafin yana nan a matsayinsa na C. Sai dai idan metil ya yawaita a mafarin wata ƙwayar gado, furotin masu fara karatu kan kasa kama wurin, sai ƙwayar ta yi shiru. Inzayim DNMT3A da DNMT3B ne ke sanya sabuwar alama, DNMT1 kuma ke kwafe ta a kan sabon zare duk lokacin da ƙwayar halitta ta rabu biyu.

Hanya ta biyu ta shafi histon. Zaren DNA na ƙwayar halitta ɗaya ya kai kimanin mita 2, don haka a naɗe yake. Tagwayen haruffa kusan 147 ke zagaye dunƙulen histon guda 8, kamar zare a jikin mazari. Idan aka liƙa asetil a wutsiyar histon, riƙonsa ga DNA yakan sassauta, karatu ya samu. Idan aka cire asetil, aka ɗora metil 3 a gurbi na 27 na histon H3, alamar da ake rubutawa H3K27me3, sai naɗin ya tsuke.

Ana ganin haɗuwar hanyoyin biyu a jikin mace. Mace tana da kuromosom na X guda biyu, namiji yana da ɗaya. A shekarar 1961, Mary Lyon ta Birtaniya ta bayyana cewa tun tayi yana ƙarami kowace ƙwayar halitta ke rufe X ɗaya, ko na uwa ko na uba, ba tare da zaɓi ba. Da farko wani dogon RNA mai suna Xist yakan lulluɓe kuromosom ɗin da za a rufe. Daga nan a cire asetil daga histon, rukunin furotin na PRC2 ya sanya H3K27me3. A ƙarshe metil ya hau gurabun CpG ya kulle al'amarin, DNMT1 kuma ya gadar da kullin ga duk ƙwayoyin da suka fito daga waccan ta farko. Wannan ne ya sa kyanwa mai dabbare-dabbaren baƙi da ruwan goro kusan kullum mace ce: kowane dabbare zuriyar ƙwayoyin da suka rufe X iri ɗaya ne.

Batun ya shafi lafiya kai tsaye. Ƙwayar gado ta G6PD tana kan X, kuma ƙarancin wannan inzayim ya yawaita a Afirka ta Yamma, har da ƙasar Hausa. Macen da ta gaji kwafi ɗaya mai rauni tana da jajayen ƙwayoyin jini iri biyu. Idan akasarinsu sun fito daga ƙwayoyin da suka rufe lafiyayyen X, maganin zazzaɓin cizon sauro na firimakwin na iya farfasa mata jini kamar yadda yake yi wa namiji mai larurar. Gwajin DNA ba zai faɗi yawan masu raunin ba, sai an auna ƙarfin inzayim ɗin a cikin jini.

A ɗakin bincike ana gano metil ta hanyar jiƙa DNA da sinadarin baisalfait. Duk C marar metil yakan fito a matsayin T a wajen karantawa, mai metil kuwa ya tsaya C. Idan sinadarin bai gama aikinsa ba, sai a ɗauka akwai metil a inda babu, shi ya sa ake duba C ɗin da ba sa cikin CpG don a tabbatar sun juye.

Rufewar tana da iyaka. Kimanin kashi 15 cikin 100 na ƙwayoyin gadon X sukan kuɓuce mata. Haka kuma ba a gadar da ita ga 'ya'ya, domin ana sake buɗe rufaffen X a ƙwayoyin da za su zama ƙwai, sai kowace ɗiya ta fara nata rabon daga tushe.