"Ba Ya Ja": Yadda Za A Tattauna Matsalar Yaro A Ganawar Iyaye Da Malamai

A ƙarshen kowane zangon karatu, makarantu da yawa kan ware rana guda domin iyaye su zo su duba littattafan 'ya'yansu, su karɓi katin sakamako, su gana da malamin aji. Uban da ɗansa ke kan gaba ba ya daɗewa a wannan ganawa. Wanda ɗansa ke can ƙasa kuwa, sau da yawa kalmomi kaɗan yake ji: "Gaskiya yaron nan ba ya ja," ko "Wasa ya yi mata yawa." Shi kuma ya ce, "To Malam, a ci gaba da haƙuri, zan yi masa faɗa." A yi sallama. Zango mai zuwa a maimaita wannan zance, maki kuma na nan inda yake.

Abin da ya kashe ganawar shi ne "ba ya ja" hukunci ne a kan yaro, ba ya nuna wa kowa aikin da zai yi gobe. Ganawa tana amfani ne idan aka fito da ainihin abin da yaron ya kasa, aka binciki dalili, sannan kowa ya tashi da aikinsa.

Wurin zama da wanda ya kamata ya zo

Babban taron ƙungiyar iyaye da malamai, inda ake maganar kuɗin gyaran aji da rijiyar burtsatse, ba wurin ambaton yaro guda ba ne. Haka ma layin da iyaye ke jira a gaban teburin malami, kowa na jin abin da ake faɗa wa na gabansa. Uban da aka faɗi aibin ɗansa a bainar jama'a ko dai ya hau kare shi, ko ya haɗiye fushi ya je gida ya sauke a kan yaron. Idan magana mai nauyi ce, malami ya ce, "Alhaji, don Allah a ɗan jira ni in sallami mutane," ko a sa wata rana da za a samu minti goma sha biyar cikin natsuwa.

Sai kuma wanda zai zo. A gidaje da yawa uba ne ke zuwa makaranta, alhali uwa ko yaya ce ta san lokacin da yaron ke barci, ko ya karya kafin ya fita, da yadda yake fama da aikin gida. In wadda ta sani ba za ta samu zuwa ba, a tambaye ta kafin a fito. Akwai kuma alkunya: uwar da ake magana a kan ɗanta na fari tana iya yin shiru ko ta kawar da kai. Kada malami ya ɗauka rashin damuwa ne. A irin wannan hali, zuwa da goggo ko kaka kan sa magana ta fito.

Shi yaron fa? A fara magana ba ya wurin. Idan an kusa kammalawa a kira shi, a tambaye shi wane darasi ne ya fi ba shi wahala, kuma ya ji abin da aka shirya domin taimakonsa. Kiran yaro daƙiƙi a gaban mahaifinsa, ko gwada shi da ƙaninsa, ba abin da yake koya masa sai ɓoye littafi.

A bar katin, a buɗe takardar jarrabawa

Mu ɗauki misali. A ce yarinya ce 'yar aji huɗu a firamare. A aji uku tana samun maki 60 da 'yan kai a lissafi, wannan zangon kuma ta samu 34, ta zo ta 41 cikin yara 48. Abin da idon uba ke fara kamawa shi ne ta nawa ta zo. Amma wannan lamba tana nuna matsayinta ne a tsakanin 'yan ajinsu kawai, ba ta faɗin abin da ta iya da wanda ba ta iya ba.

Makarantu da yawa kan raba maki ɗari gida biyu: 40 ko 30 na gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango, 60 ko 70 na jarrabawar ƙarshe. Tambayar farko ke nan: "Malama, yaya makin ya rabu?" A ce yarinyar ta samu 24 cikin 40 a aikin aji, amma 10 kacal cikin 60 a jarrabawa. Wannan tazara tana magana. A aji, Malama na karanta tambaya da baki ta kuma yi bayani da Hausa, ga ƙawa a gefe. A jarrabawa kuwa daga ita sai takarda.

Sai a ce, "Ko za mu ga takardar?" Da aka buɗe, sai ga shi ta haɗa 47 da 28 ta samu 75 daidai, har da riƙe ɗaya. Amma duk tambayar da aka rubuta da jimlolin Turanci, irin ta wani ya sayi lemo kaza ya ba da kaza, ta bar ta fayau, ko ta kwashi lambobin ta tara su ba tare da sanin abin da ake nema ba. Ashe lissafinta lafiya lau, karatu ne ya tsaya mata. Ba kuma abin mamaki ba ne a aji huɗu, domin a nan littattafai kan ƙara tsawon jimla. Da an tsaya a kan kati, da uban ya biya kuɗin ƙarin darasin lissafi, ya yi ta maganin ƙafar da ba ita ke ciwo ba.

Ana iya gano inda karatun ya tsaya cikin minti biyar. A nuna mata haruffa a warwatse, ba a jere ba. In ta wuce, a ba ta gaɓoɓi kamar ba, ki, mu, sai kalmomi, sai gajeren labarin da ba ta taɓa gani ba, a kuma tambaye ta abin da ya faru a ciki. A gwada da Hausa, a gwada da Turanci. Irin wannan gwaji mai hawa-hawa shi ne ginshiƙin tsarin koyar da yaro daidai matakinsa, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi. Muhimmin abu shi ne rubutun ya zama sabo, domin yaro mai kaifin hadda yana iya rera shafi guda na littafin aji da ka, a yi zaton karantawa yake yi.

Neman dalili ba tare da neman mai laifi ba

A nan ne ganawa ke yawan lalacewa. Uba ya ce, "Me muke biyan kuɗin makaranta a kai?" Malami ya ce, "Ai ku ne ba kwa duba su a gida." Kowa ya kama kare kansa, a manta da yarinyar. Mafita ita ce kowane ɓangare ya kawo abin da ya gani da idonsa, tunda malami ya san safiyarta, iyaye sun san yammacinta da darenta.

Iyaye su tambaya: tun yaushe aka fara lura? A duk darussa ne ko a wasu? Ina take zama a aji? Kwana nawa ta yi fashi? Rajistar aji za ta amsa ta ƙarshe. Yarinyar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar mako biyu, ko mai sikila da ciwo ke yawan tasar mata, tana iya rasa darasin da aka ɗora sauran a kansa. Faɗuwar da ta zo farat ɗaya takan bi wani abu da ya faru: rashin lafiya, rasuwa, rabuwar iyaye, sauya makaranta, ko wani da ke cin zalinta a hanya. Wadda ta daɗe tana tafe a hankali kuwa ta fi nuna giɓi a tushen karatu.

Malami kuma ya tambaya cikin ladabi: "Hajiya, ƙarfe nawa take kwanciya? Tana karyawa kafin ta fito? Akwai talla ko aikin da ke sa ta makara? Yaya karatunta a Islamiyya?" Ba dole ne iyaye su tona sirrin gida ba. "Muna cikin wani hali a gida tun watan jiya" ya wadatar.

Kada a manta da ido da kunne. Yaron da ke ƙanƙance ido in ya kalli allo, ko yake kwafa daga littafin maƙwabcinsa, wataƙila allon ne ba ya gani. Wanda sai an kira shi sau uku, ko kunnensa ke zubar da ruwa, wataƙila rabin bayanin malami ba ya isa gare shi, ana ce masa mai taurin kai. Waɗannan na asibiti ne. Akwai kuma yaran da idonsu da kunnensu lafiya, suna zuwa kullum, suna da fahimta in ana magana, amma haɗa harafi da sautinsa na yi musu matuƙar wuya duk da an koyar da su yadda ya kamata. Masana na kiran wannan disleksiya. Malamin aji ba zai yanke hukuncin cewa ita ce ba, sai ƙwararre ya gwada. Nasa shi ne ya faɗi abin da ya gani, ya ba da shawarar a bincika.

Abin da za a tashi da shi

"Za mu ƙara ƙoƙari" ba shiri ba ne. A misalinmu, ana iya tsayawa a kan abu uku. Malama za ta dawo da yarinyar layin gaba, ta kuma riƙa sauraron karatunta na 'yan mintuna sau uku a mako. A gida, yayarta za ta zauna da ita minti goma sha biyar kullum bayan Magariba, da littafin da ya yi daidai da matakinta ko da na aji biyu ne, yarinyar na karantawa da ƙarfi. Uba kuma zai kai ta a duba idonta cikin mako biyu. A rubuta wannan a bayan littafinta. In babu mai karatun boko a gidan, a faɗa wa Malama kai tsaye domin a nemi ɗalibin sakandare a maƙwabta.

Sannan a sa ranar dawowa, bayan mako huɗu, ba sai ƙarshen zango ba. Ranar a ba ta sabon rubutu mai wahala daidai da na farko, a ƙirga kalmomin da ta karanta daidai cikin minti ɗaya. In da 12 ne yanzu 20, hanya ta yi kyau ko da matsayinta a aji bai motsa ba tukuna. In babu canji, a shigo da hedimasta a sake duba dalili.

Idan aka kawo maganar maimaita aji, tambaya ɗaya ce za ta raba gardama: "Me za a yi mata a shekarar maimaicin wanda ba a yi bana ba?" In amsar ita ce allo ɗaya, littafi ɗaya, kujerar baya ɗaya, to shekarar za ta wuce giɓin na nan. In kuwa akwai shirin komawa kan haruffa da gaɓoɓin da ta rasa, da wanda zai yi aikin da lokacin da za a auna, sai iyaye da makaranta su yanke shawarar tare.