Ina Amfanin Ganyen Ya Tafi?

 Yau hirarmu a kan tukunyar miya za ta tsaya.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, duk lokacin da ruwan tafki ya janye da rani sai manoma su bi bakinsa da shuka. Saboda haka matar da ke Yelwa ko Wara ko Shanga ba ta cika rasa alayyafo da tumatir da tattasai ba, balle albasa wadda aka san ƙasar Yawuri da ita. To amma abin tambaya, nawa ne daga amfanin ganyen nan yake isa cikin yaranki?

Abin da muke magana a kansa shi ne bitamin C. Jikin mutum ba ya yin sa, kuma ba ya ajiye shi da yawa. Mace baliga tana bukatar kamar miligiram 45 zuwa 75 a yini, mai shayarwa fiye da haka. Shi ne yake taimaka wa ciwo ya warke, ya ƙarfafa dasashi, ya kuma sa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe na wake da ganye, wanda ke hana ƙarancin jini. Wanda ya yi wata biyu ko uku babu shi, sai a ga kasala, dasashi na jini, ƙaramin rauni ya ƙi kamewa. Tuwo ba shi da shi. Busasshen kifi ma, duk da amfaninsa, ba shi da shi. Kin ga ke nan gidan masunta da ke cin tuwo da kifi kullum, dogaronsa a wannan fanni yana kan ganye da 'ya'yan itace.

Bari mu bi damin alayyafo ɗaya tun daga lambu. Ɗanyen alayyafo giram 100, watau kamar cikin hannu biyu, yana da miligiram 40 da 'yan kai sa'ad da aka yanko shi. Ganye ba ya mutuwa don an yanke shi. Yana ci gaba da numfashi yana cin abin da ke jikinsa, kuma zafi yana ƙara masa sauri. A zafin Maris da Afrilu, ganyen da ya wuni a faifai cikin rana ya kwana a ɗakin girki, ya rigaya ya yi asara mai yawa. Alamarsa yaushi. Ganyen da ya yi yaushi, ko kin yayyafa masa ruwa ya miƙe, abin da ya tafi ba ya dawowa.

Sai ki zo yanka. A cikin ganye akwai wani sinadari da Allah ya keɓe shi daban da bitamin ɗin. Da wuƙa ta ratsa, sai su haɗu, iska ta shiga tsakani, bitamin ya fara lalacewa. In yankan ya yi ƙanana, ko ganyen ya daɗe a yanke, ɓarnar ta fi yawa. Ga kuma al'adarmu ta yanka kafin wanki. Bitamin C yana narkewa a ruwa kamar gishiri, saboda haka wannan koren ruwan da kike watsarwa a tsakar gida, da rabon yara a cikinsa. Ki wanke ganye da kyau tun yana ɗungurungum, musamman wanda aka yi wa ban ruwa da ruwan tafki, sa'an nan ki yanka dab da zubawa.

Yanzu tukunya. Ganyen da aka tafasa cikin ruwa mai yawa aka tsiyaye, kamar yadda muke yi wa rama da zogale in za mu yi kwaɗo, yakan rasa rabin bitamin ɗinsa ko fiye. Wani wuta ta cinye, wani yana cikin ruwan da aka zubar. Ki lissafa da kanki. A ce ajiya da wanki sun ci rabin miligiram 40 ɗin nan, saura 20. Tafasa ta ci rabi, saura 10. Miyar ta kwana aka ɗumama, ya sake raguwa, kuma mutum shida ne za su raba. Misali ne kawai, amma haka hanyar take.

Dabarar ita ce ki bar ruwa ya tafasa sosai kafin ki zuba ganye, domin tafasasshen ruwa yana kashe wancan sinadari nan take, ruwan sanyi kuwa yana ba shi lokacin ɓarna kafin ya yi zafi. Ruwa kaɗan, ki rufe tukunya. A miya, ganye ya zo ƙarshe, bayan nama ko kifi ya nuna. Minti biyar ya ishi alayyafo.

Sai kanwa, kuma na san a nan za mu ɗan yi gardama. Kanwa tana sa ganye ya yi laushi da wuri, ya fito kore shar, kuɓewa ta yi yauƙi, itace ya yi auki. Duk gaskiya ne. Amma bitamin C ɗan tsami ne, kanwa kuwa kashe tsami take yi, don haka kyan launin nan yaudara ne. A ganina, a wake mai taurin kai ana iya yi mata uzuri, amma a ɗanyen ganye ba ta da hujja. Tsami shi ne yake tsare bitamin ɗin. Shi ya sa lemo, mai tsami da kauri ɓawo, yake yin kwanaki bai yi asara sosai ba. Ki matsa lemon tsami a kwaɗo bayan ya huce, ki yanka ɗanyen tumatir da tattasai a kai, sai ki mayar da wani abu daga abin da ruwa ya kwashe.

Albasa tana jure ajiya wata da watanni, sai dai nata bitamin C ɗin kaɗan ne tun asali, kamar miligiram 7 a giram 100. Gwaba kuwa ta kan wuce 200, ta ninka lemo kusan sau huɗu. Ke 'yar makaranta, gwaba ɗaya da kika wanke kika ci da ɓawonta ta biya miki bukatar yini. Kuka da kuɓewa da tumatir da aka shanya a rana suna da nasu amfani, amma mafi yawan bitamin C ɗinsu ya tafi.

Ba shi kaɗai ne mai rauni ba. Folet, wanda mai ciki take bukata ƙwarai tun farkon ciki, yana ganye da wake, kuma shi ma ruwa da doguwar dahuwa ke cinye shi. Bitamin B1 na hatsi da wake ba ya shiri da kanwa, kuma yana bin ruwan wankin shinkafa; shinkafar da aka turara kafin a sussuka ta fi riƙe shi. B2 na madara da nono haske ne maƙiyinsa, don haka a rufe ƙwarya. Bitamin A yana jure dahuwa, har ma ɗan mai yana taimaka wa jiki ya karɓe shi, amma hasken rana yana ɓata shi. Shi ya sa zogale ya fi kyau a shanya shi a inuwa, manja kuma kada a ƙona shi har jansa ya gushe.

In dole ganye ya kwana, akwai dabarar da wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ki sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa yashin safe da yamma, ki rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a inuwa inda iska ke bi. Bushewar ruwan ita ke sanyaya ciki. Da rani da lokacin hunturu take aiki sosai. Da damina, sa'ad da iskar bakin tafki ta yi laima, sanyinta kaɗan ne, gara ki sayi na yini ɗaya.