Yadda Ake Haɗa Ofis da Gajimare ta Hanyar VPN

Kamfanoni da yawa sun daina ajiye babbar kwamfutar bayanansu, wato saba, a wani ɗaki na ofis. Hayarta suke yi a cibiyoyin manyan kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, abin da ake kira gajimare. Sai dai idan sabar da ke riƙe da lissafin kuɗi tana Cape Town, inda Amazon ya buɗe cibiyarsa a 2020, ma'aikata kuma suna Kano, dole bayanai su ratsa intanet. A bar sabar a buɗe ga kowa ganganci ne. Maganin da aka fi amfani da shi shi ne VPN mai haɗa wuri da wuri, wanda a allo ake rubuta shi Site-to-Site VPN.

Ya bambanta da VPN ɗin da mutane ke sa wa wayoyinsu. A nan ma'aikaci ba ya kunna komai. Rautar ofis ce ke ƙulla yarjejeniya da wata ƙofa a gajimare, su buɗe bututu a tsakaninsu bisa tsarin IPsec. Kamar wasiƙa ce aka rufe a ambulan, aka kuma saka ta cikin wani ambulan mai ɗauke da adireshin ƙofofin biyu kaɗai. Duk wanda ya tare ta a hanya zai ga na waje, amma ba zai iya karanta na ciki ba.

Aikin yana farawa ne a takarda, tun kafin a taɓa na'ura. Mu ɗauki misalin wani ofishin dillancin kaya mai kwamfuta ashirin, wanda ya kama haya a AWS, gajimaren Amazon. Kwamfutocin ofis suna da adireshi daga 192.168.10.1 zuwa 192.168.10.254, a taƙaice 192.168.10.0/24. A gajimare sai aka zaɓi 10.20.0.0/16, aka ba sabar 10.20.1.15. Sharaɗin shi ne kada adireshin ɓangarorin biyu su hau kan juna. Da an ba sabar 192.168.10.15, kwamfutar akawu za ta ɗauka maƙwabciyarta ce a cikin ofis, ta yi ta nemanta a nan, saƙon kuma ba zai taɓa isa rauta ba. Gyara wannan daga baya yana nufin sauya adireshin na'urori ɗaya bayan ɗaya, don haka gara a zaɓa da kyau tun farko, a kuma ware wa kowane reshe da za a buɗe nan gaba nasa lambobin.

Abu na biyu shi ne adireshin ofis na waje, wanda duniya ke gani. Ana son tsayayye, wanda ba ya canzawa. Layukan intanet da yawa, musamman na kamfanonin waya, suna haɗa ɗimbin abokan ciniki a kan adireshi guda mai sauyawa. Za ka gane haka idan adireshin waje da rautarka ke nunawa ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127. In haka ne, nemi tsayayyen adireshi a wurin mai ba ka intanet. AWS ya yarda a yi amfani da takardar shaida ta dijital idan adireshin mai sauyawa ne, amma wannan ya fi wahalar saitawa.

Da waɗannan biyu a hannu, aikin cikin AWS bai da yawa. Za ka ƙirƙiri Customer Gateway, wato bayanin rautar ofis, ka rubuta tsayayyen adireshinta. Sannan ka ƙirƙiri Virtual Private Gateway, ƙofar gajimare ke nan, ka maƙala ta a VPC ɗinka, wato keɓaɓɓen filin da sabarka take. Daga nan ka haɗa su da Site-to-Site VPN Connection. Za a tambaye ka yadda za a san hanya. Ga ofis ɗaya, zaɓin Static ya wadatar: ka rubuta 192.168.10.0/24 da hannunka. BGP kuwa, inda na'urorin ke sanar da juna hanyoyi da kansu, ya fi dacewa da masu rassa da yawa ko layin intanet biyu.

AWS zai ba ka fayil na saiti daidai da irin rautarka. A ciki akwai adireshi biyu da makullin sirri biyu, domin bututu biyu ake ba kowane haɗi. Kada a saita ɗaya a bar ɗaya. Amazon yakan sauke bututu lokaci zuwa lokaci don gyara, kuma wanda ya dogara da guda, ranar aiki zai tsaya masa cak. Rautar tana kuma buƙatar kafar UDP 500 da UDP 4500 a buɗe, don ta nan ake gaisawa da musayar makulli.

Idan komai ya yi daidai, allo zai nuna UP. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin UP yana nufin ƙofofin biyu sun amince da juna ne kawai, ba wai kaya na wucewa ba. Gwada daga wata kwamfutar ofis:

```
ping 10.20.1.15
```

In ba amsa alhali bututu na UP, duba wurare uku. Na farko teburin hanyoyi na VPC: dole ya san cewa duk saƙon 192.168.10.0/24 ta ƙofar VPN zai bi, ko ka rubuta da hannu ko ka kunna Route Propagation. Rashin wannan kan sa saƙo ya isa saba, amsa ta rasa hanyar dawowa. Na biyu Security Group, mai gadin sabar, wanda ke hana duk baƙo shiga sai wanda aka ba izini. Ba adireshin ofis izinin kafar da manhajar ke amfani da ita, da kuma ICMP, in ba haka ba ping ɗin kansa ba zai amsa ba ko da hanya lafiya take. Na uku rautar ofis: kada ta sauya adireshin saƙon da zai shiga bututu kamar yadda take yi wa na intanet.

Idan kuwa DOWN ake gani tun farko, matsalar gaisuwa ce. Ko an yi kuskuren harafi a makulli, ko tsarin ɓoyewar ɓangarorin bai zo ɗaya ba, ko an toshe kafofin nan biyu. A saitin asali ma rautar ofis ce ke fara magana, AWS jira yake yi, shi ya sa bututun da ya daɗe babu zirga-zirga kan iya faɗuwa. Ana magance shi da ping da ke tafiya a kai a kai.

Akwai wata matsala mai wuyar ganewa: ping na amsawa, shafin shiga na buɗewa, amma babban fayil sai ya maƙale. Ambulan na waje yana cin wuri, saboda haka ƙunshin da bututun AWS ke ɗauka bai wuce bayit 1446 ba, alhali kwamfutocin ofis sun saba da 1500. A Windows gwada:

```
ping -f -l 1400 10.20.1.15
```

In wannan ya gaza amma 1300 ya wuce, girman ƙunshi ne matsalar, sai a rage MSS a rauta yadda fayil ɗin saiti ya nuna.

VPN ba ya ƙara wa layinka gudu. Bututun AWS na yau da kullum yana ɗaukar har gigabit 1.25 a daƙiƙa, amma ofis mai layin megabit 20 ba zai wuce 20 ɗinsa ba, kuma ana cajin haɗin a kowace awa ko an yi aiki ko ba a yi ba. In wuta ta ɗauke rauta ta mutu, ofis gaba ɗaya ya rabu da sabarsa, don haka a sa ta a kan inbata. Kafin ka sallami wanda ya yi maka aikin, sa shi ya kashe bututu na farko a gabanka, ka ga da idonka cewa na biyu ya karɓa.