Shafin Jadawali Da Sassa: Yadda Ake Saita Doguwar Gabatarwa

A Bauci, lokacin kare kasafin kuɗi a gaban Majalisar Dokokin Jiha, jami'in ma'aikata kan zo da gabatarwa mai shafuka sittin. Da ɗan majalisa ya nemi a nuna masa aikin da ya shafi Azare ko Misau, sai a shiga laluben shafuka, lokaci na tafiya.

Maganin wannan yana cikin PowerPoint. Da farko a karkasa shafukan ta hanyar Add Section, kashi biyar ko shida, kowanne da gajeren suna: kuɗin shiga, albashi, manyan ayyuka. Kowane kashi ya buɗe da shafin Section Header mai ɗauke da sunansa da lambarsa kawai.

Daga nan a gina shafin jadawali a bayan shafin take, a liƙa wa kowane suna mahaɗi ta Insert, Link, Place in This Document. Mahaɗin yana bin shafinsa ko an sauya jeri. Lambar da aka rubuta da hannu kuwa takan tsufa da zarar an cusa sabon shafi. Shi ya sa gogaggen hadimi ke gwada kowane mahaɗi kafin zama, domin wanda aka goge shafinsa ba ya kai ko'ina.