Jawabin Uban Ango a Wurin Walima

Idan uban ango ya tashi godiya a wurin walima, yakan fara da hamdala da salati, sannan ya ambaci malamin da ya ɗaura auren. Daga nan sai waliyyin amarya da danginta, domin su ne suka bayar da 'yarsu. Wannan gaɓar ita ce mai nauyi. In uban ango ya yi ta jero abokan kasuwancinsa ya bar surukai a baya, za a ga fuskokinsu sun sauya, kuma maganar takan daɗe ana yinta. Sai mai unguwa da dattawa, kowa da laƙabinsa, sannan baƙin nesa. Waɗanda mantuwa ta tsallake sunayensu kuwa, yakan nemi afuwarsu kafin ya roƙi malam ya yi addu'a.