Sharhin Madogara: Aiki Uku a Sakin Layi Guda

A jami'a, malami kan bukaci ɗalibi ya jero littattafan da ya karanta, kowanne da ɗan sharhi a ƙasansa. Yawancin ɗalibai sukan taƙaita littafin, su tsaya nan. Sulusin aikin ke nan.

A ɗauki ɗalibar da ke tambaya: me ya sa kasuwancin matan kulle a Kano ya dogara da tallar yara? Ta samu Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954. Bayan ta rubuta sunan marubuciya, shekara da kamfanin ɗab'i, sai taƙaitawa cikin jimla biyu: tarihin rayuwar wata dattijuwa Bahaushiya ce, daga bakinta, kan aure, ƙawance da sana'ar mata.

Awo ya fi wuya. A nan za ta ce muryar mace ce a zamanin da maza suka mamaye rubutu, amma mace ɗaya ce, 'yar karkara, kuma maganarta ta bi ta hannun Baturiya aka mayar da ita Turanci. Kalmar “mai amfani” ba awo ba ce, sai an faɗi dalili.

Sai jimlar da ake yawan mantawa, wadda ke ɗaure littafin da tambayarta: zai nuna mata cewa sana'ar cikin gida daɗaɗɗiya ce, amma ba zai zama hujja kan Kano ta yau ba. Idan jimlar nan ta ƙi rubutuwa, a cire littafin daga jerin.